Wane suna za mu sa wa manhajar adashi da ajiyarmu?

Nafisa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ni da yayana muna haɗa manhajar waya ta adashi da ajiya, saboda 'yan kasuwa da mata masu sana'a a gida nan Kano. Mutum zai riƙa zubi kullum ko mako-mako, ranar kwasarsa kuɗin su faɗo masa, wanda kuma ba ya son adashi ya yi ajiyarsa shi kaɗai. Ba mu da lasisin riƙe kuɗin jama'a, don haka mun daidaita da wani ƙaramin banki mai lasisi, a wurinsa kuɗin za su zauna. Aikin ya kusa kammala, suna ne ya tsaya mana. Yaya yana son "Amana Bank". Abokin aikinmu yana son "RibaPlus", wai ya fi jan matasa. Ni kuma zuciyata ta fi kwantawa da "Rumbun Ajiya". Wanne ne in kun gani za ku iya zuba kuɗinku ba tare da gabanku ya faɗi ba?

Alhaji Tanko: Wa alaikumus salam 'yata. Yayanki ya fi ku gaskiya. Suna linzami ne. Mu a Kantin Kwari duk abin da ba a ce masa banki ba, wasan yara muke ɗaukarsa. Ku sa Amana, ku sa Bank, in da hali ma ku ƙara da National ko Nigeria, mutum ya ji abin yana da gwamnati a bayansa.

Maman Walid: Ni dai wadda nake amfani da ita ba ta taɓa ba ni matsala ba, ko da daddare na tura kuɗi nan take suke shiga. Ki sauke ta kawai ki huta, ba sai kin yi ta bincike ba.

Nafisa: Maman Walid, ba wadda zan sauke nake nema ba, tamu muke ginawa, suna muke nema mata. Amma na gode.

Malam Bashir: Alhaji, Allah ya ƙara girma, a nan kam zan saɓa maka, domin shawarar za ta jefa su cikin matsala tun kafin su fara. Na yi shekaru a sashen bin ƙa'ida na wani ƙaramin banki. Dokar bankuna ta 2020, wadda ake kira BOFIA, ta hana duk wanda ba shi da lasisin banki daga CBN ya sa kalmar "bank" a sunan da yake kasuwanci da shi. Nafisa da bakinta ta ce ba su da lasisi, bankin wasu ne zai riƙe kuɗin. To "Amana Bank" ya fita ke nan, ba ma sai an yi gardama a kai ba. National da Federal da State da Government kuwa, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce sai da amincewa ta musamman daga hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, kafin a yi rajistar suna mai ɗauke da su, kuma dalilin shi ne ainihin abin da Alhaji yake so, wato kada mutum ya zaci gwamnati ce a bayan abin alhali ba ita ba ce.

Nafisa, ga abin da nake so ki riƙe. Duk suna alkawari ne. Kafin ki zaɓa, ki tambayi kanki alkawarin da sunan yake yi, sannan ki duba ko takardun da ke hannunku za su iya cika shi. Wanda ya ji "banki" zai ɗauka ku ne kuke riƙe da kuɗinsa kuma ku CBN take sa wa ido kai tsaye. Ranar da ya gano ba haka ba ne, ko da kobonsa bai yi ciwon kai ba, ya gama yarda da ku.

Alhaji Tanko: To Malam na ji, doka ta fi ƙarfinmu. Amma Amana fa? Ita ma an hana?

Isufu Maraɗi: Ba a hana ba Alhaji, amma an riga su. Mu nan Nijar akwai Amana da ake aika kuɗi da ita, kamar yadda ake yi da NITA da Al Izza, kowa ya san su. 'Yan kasuwarmu kullum suna hanyar Kano da Katsina. In suka ga Amana a wayar abokin cinikinsu za su ce ai waccan ce ta buɗe reshe. In wani abu ya faru a ɗaya, ɗayar za ta kwashi zagin da ba nata ba.

Malam Bashir: Isufu ya kawo magana mai nauyi. Ko a cikin Kano ki zaga ki ƙirga shaguna da makarantu da kemis masu suna Amana. Kalmar tana da kyau ƙwarai, amma ta kowa ce, kuma abin da yake na kowa da wuya ki kare shi. Gobe wani ɗan damfara zai buɗe shafi ya kira shi Amana wani abu, ya yi amfani da launinku, ya karɓi zubin mutane, ke kuma ba ki da ƙafar da za ki tsaya ki ce sunan naki ne ke kaɗai.

Abba: Ni fa ina bayan RibaPlus. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, matashi ba ya sauke manhaja don ta yi masa wa'azi, so yake ya ji akwai abin da zai ƙaru da shi. Kuma sunan Turanci ya fi kama da abin zamani. Ku dubi OPay da PalmPay da Moniepoint, har ƙauye an san su, ba wanda yake da sunan Hausa a ciki.

Inna Laure: Ɗana Abba, bari in ba ka labarin abin da na gani da idona. Ni uwar adashi ce tun kana goye. Lokacin MMM, matan unguwarmu da yawa sun janye daga zubi suka kai can, saboda an ce musu kuɗi za su haihu cikin wata guda. Ƙarshen 2016 aka rufe, wata kuɗin kayan ɗakin 'yarta ne suka tafi. Tun daga ranar, in ka ce wa mace a layinmu "riba" a kan kuɗin da ba ta ga hajar da aka saya da su ba, tashi take yi ta kaɗe zaninta. Mu a adashi ba riba muke nema ba. Abin da ka zuba shi za ka kwasa, ranar da aka ce, ba ƙari ba ragi. Wannan shi ne duk abin da muke so a tabbatar mana.

Ustaz Habibu: Inna ta yi gaskiya, kuma akwai wata matsalar. A baki muna bambanta ribar ciniki da ribar da Allah ya haramta, amma a rubuce haruffan ɗaya ne. Manhajar ajiyar kuɗi da aka rubuta "Riba" a goshinta, rabin mutanenmu kuɗin ruwa za su karanta. Kafin ku gama bayani an yi muku huɗuba a kai. Shawarata ku sa "Halal" ko "Islamic" a sunan, hankalin kowa ya kwanta.

Malam Bashir: Ustaz, rabin farko na maganarka na karɓa hannu biyu. Rabin ƙarshe kuwa akwai gyara. Dokar bankuna ta sa "Islamic" cikin kalmomin da banki ba ya sawa a sunansa sai da izinin Gwamnan CBN, tare da irinsu "Christian" da sunan ƙabila. Ka lura da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa: Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Babu mai wannan kalmar a sunansa, kuma jama'a sun gane su. Abin da ya sa aka yarda da su shi ne lasisin da suke da shi da kwamitin malamai masu duba kowace hulɗa.

Sai mu dawo kan Nafisa. Ƙanwata, bankin da zai riƙe kuɗin nan, na ruwa ne ko mara ruwa?

Nafisa: Na yau da kullum ne Malam. Amma mu ba za mu ba kowa ruwa a kan ajiyarsa ba, kuɗin hidima kawai za mu karɓa.

Malam Bashir: To kin gani. Ku ba kwa ba da ruwa, amma bankin da kuɗin suke kwance a cikinsa yana ba da bashi da ruwa. In kika rubuta "Halal" a suna, kin yi alkawarin da ba ke kike da ikon cika shi ba, kuma ranar da wani malami ya bi diddigi, ba kuskure za a kira shi ba, yaudara da sunan addini za a ce. In kuna son wannan kasuwar da gaske, ku nemi banki mara ruwa ku ƙulla da shi, sannan ku faɗi haka a bayanin manhaja da sunan bankin a fili.

Ustaz Habibu: Na gamsu da wannan. Amma ina nan kan bakana cewa su koma banki mara ruwa, ko da wane suna suka zaɓa.

Abba: Ba wanda ya amsa min maganar OPay da Moniepoint fa.

Sadiƙ mai POS: Bari ni in amsa maka, tunda a bakin titi nake wuni. Ba sunan ne ya sa aka yarda da su ba. Mutum ya zo ya ba ni katinsa, na ba shi kuɗi a hannu, ya ga abin ya yi aiki yau, ya yi gobe, shi ke nan sunan ya zauna. Da yawa ma ba su iya faɗarsa daidai ba, launin na'urar suke ganewa. Su suna da wakilai a kowane lungu da kuɗin talla. Nafisa ba ta da wannan, bakin mutane ne tallarta. Don haka dole sunanta ya zama wanda tsohuwa za ta ji sau ɗaya a gidan suna ta maimaita wa jikanta ya nemo mata a waya.

Kuma abin da ya fi tayar wa kwastoma hankali a wurina shi ne ya ga suna biyu. Ya ce min tura min kuɗi a manhaja kaza, in duba jerin bankuna ban gan ta ba, sai in ce masa ai sunan wani banki zan zaɓa. Nan take fuskarsa take canzawa. Wasu sai su ce a bari kawai.

Malam Bashir: Sadiƙ, Allah ya yi maka albarka, ka taɓo inda ya fi muhimmanci, kuma shi masu gina manhaja suka fi mantawa. Nafisa, bari mu bi Inna Laure a matsayin mai amfani da manhajarku, mu ga sunaye nawa za ta ci karo da su.

Ta sauke manhaja mai suna Rumbun Ajiya. A ƙarƙashin sunan a Play Store akwai sunan kamfanin da ya ɗora ta, wanda wataƙila sunan da kuka yi rajista da shi a CAC ne, daban da na manhajar. Na biyu ke nan. Ta buɗe asusu an ba ta lamba goma. Ɗanta da ke Legas zai turo mata kuɗi, a jerin bankuna ba zai ga Rumbun Ajiya ba, sunan ƙaramin bankin nan zai zaɓa. Na uku. Kuɗi sun shiga, saƙon alat ya zo, in ba ku yi rajistar sunan mai aikawa ba zai zo da sunan kamfanin da kuke sayen saƙo a wurinsa ko wata lamba. Na huɗu. Mace ɗaya, naira dubu ashirin ɗaya, sunaye huɗu. Ko ni ne sai na yi zargi.

Gyaran ba wuya. Sunan kamfani a CAC ya fara da sunan manhajar. Sunan mai aika alat ya zama shi ne dai, kuma a nan akwai iyaka: gurbin ba ya ɗaukar fiye da harafi 11, kuma ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ. Na ƙirga, `RumbunAjiya` in an haɗe shi 11 ne cif, ba harafi mai lanƙwasa a ciki. Sunan bankin kuwa ba za ku iya ɓoye shi ba, kuma bai kamata ku so ɓoyewa ba. Ku rubuta shi a shafin farko, ƙarƙashin tambarinku, da Hausa: kuɗinki suna ajiye a banki kaza, mai lasisin CBN. Sai ta san shi tun ranar farko, ranar da ɗanta ya kira ya ce wane banki zan zaɓa, amsar tana bakinta.

Nafisa: Wallahi ban taɓa lissafa su haka ba. Malam, to za mu iya sa tambarin NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna, a manhajar? Yaya ya ce yana kwantar da hankali.

Malam Bashir: Yana kwantarwa, shi ya sa ake bin sa a hankali. NDIC bankin take wa inshora, ba ku ba. A 2024 ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in banki ya rushe: manyan bankuna zuwa naira miliyan 5, ƙananan bankuna irin naku daga dubu 200 zuwa miliyan 2. Tambayar da za ki yi wa bankin a rubuce ita ce, kowane mai zubi asusunsa ne da sunansa da BVN ɗinsa a littafin bankin, ko duk kuɗin a asusu ɗaya suke da sunan kamfaninku? In na farko ne, Inna Laure mai ajiya ce a bankin, kariyar ta shafe ta, kuma kina iya rubuta haka da amincewar bankin. In na biyu ne, akwai haɗarin a ɗauki tulin kuɗin gaba ɗaya a matsayin ajiyar mutum ɗaya. Kin ga a nan tambarin NDIC a fuskar manhaja ya zama alkawarin ƙarya, ko da ba ki yi niyya ba.

Alhaji Tanko: Ni har yanzu Rumbu bai shige ni ba. Rumbu ai na ƙauye ne, hatsi ake zubawa a rufe sai bazara. Ni kuɗina juyawa suke, da safe na saya da yamma na sayar. In na ji Rumbu sai in ga kamar za a kulle min kuɗi.

Inna Laure: Alhaji, ai ba don irinku aka yi ba, ku da kuke da manajan banki a waya. Mu abin da muke nema ke nan, inda za mu sa kuɗi hannunmu ya kasa kai musu sai ranar buƙata. Ni da na ji Rumbun Ajiya na gane abin da ake nufi ba wanda ya yi min bayani.

Abba: To Inyamurai da Yarabawan Sabon Gari fa? Kuma in abin ya girma kuka tafi Ibadan ko Fatakwal, sai ku canza suna?

Hadiza: Abba, canza suna ba ƙarshen duniya ba ne. Piggybank.ng ta koma PiggyVest a 2019. Kudimoney ta koma Kuda a shekarar. Kudi ta koma Nomba a 2022, TeamApt ta ɗauki sunan Moniepoint a 2023. Duk suna nan da ransu. M-Pesa ta Kenya kuma tun 2007 take da kalmar Swahili a sunanta, bai hana ta shiga wasu ƙasashe ba. Amma maganarka tana da wani gefen gaskiya: suna yana sauya ma'ana in ya tsallaka wani yare. Asusun da Bature yake yi da siffar alade abin sha'awa ne a wurinsa, a nan kuwa na san waɗanda sunan Piggy kaɗai ya sa suka ja baya. Don haka Nafisa ta kai sunan Sabon Gari ta ji ko yana kama da wata mummunar kalma a Ibo ko Yarabanci, tun yanzu.

Malam Bashir: Hadiza, misalanki daidai ne, sai dai waɗannan sun canza ne suna da kuɗin sanar da kowa. Ƙaramin kamfani mai riƙe da adashin mata in ya wayi gari da sabon suna, abin da za a fara cewa shi ne sun gudu sun dawo da wata riga. Masu damfara haka suke yi, mutane kuma sun sani. Bayan da manhajar zuba jari ta CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025, kowa a tsorace yake da duk wani motsi da bai gane ba. Gara a zaɓa sau ɗaya da kyau.

Ga abin da zan yi in ni ne, kafin a buga ko takarda ɗaya. A bincika sunan a shafin CAC, in babu mai shi a kama shi, suna riƙe wa mutum na kwana 60. Amma rajistar CAC ba ta ba ki mallakar sunan a kasuwa, wannan aikin ofishin rajistar tambarin kasuwanci ne da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki a Abuja. A nan za ki nema a aji na 36, na harkar kuɗi, da aji na 9, na manhaja. Ki sa lauya ya bincika Rumbu musamman, domin kalma ce da wasu masu sana'a suke amfani da ita, a tabbatar ba a ajinku suke ba. Ajiya ita kaɗai da wuya a ba ki, tunda bayanin aikin take yi kai tsaye, kowa yana da haƙƙin faɗarta. Haɗin kalmomin biyu da tambari shi ne abin da za ki iya karewa.

Sadiƙ mai POS: Ki ƙara da gwaji irin namu. Ki faɗa wa mutum sunan sau ɗaya a saƙon murya, kar ki rubuta. Washegari ki kira ki ce mene ne sunan nan, sannan ki ce ya rubuta miki yadda zai nema a waya. In ya rubuta Rumbu Ajiya ko Runbun Ajiya, ki duba ko manhajarku ce take fitowa. In wata ce take fitowa, nan ɓarawo zai zauna ya jira.

Nafisa: Na dawo da rahoto. Na yi gwajin Sadiƙ da matan islamiyyarmu da wasu masu shaguna a layinmu. RibaPlus, tambayar farko da ake min ita ce nawa ake bayarwa a wata, ta biyu kuma halal ne? Abokin aikinmu da ya ji saƙonnin da kunnensa ya janye. Rumbun Ajiya kusan kowa ya tuna shi washegari, amma da yawa Runbun suka rubuta da n, don haka za mu kama adireshin intanet na rubutun biyu. Wata mai shago Bayarabiya ta ce min ba ta san ma'anarsa ba amma bai yi mata nauyi a baki ba.

Na kuma tambayi bankin maganar asusu. Yadda aka tsara yanzu, asusu ɗaya ne da sunan kamfaninmu. Mun ce a canza, kowa a buɗe masa nasa, sun ce zai ƙara mana kuɗi da lokaci. Tambarin NDIC mun cire shi sai an gama wannan.

Alhaji Tanko: Allah ya sa albarka 'yata. Ni dai in kun buɗe ɓangaren 'yan kasuwa masu juya kuɗi kullum, ku nemo masa wani sunan.

Malam Bashir: Alhaji, suna na biyu shi ne abin da muke gudu tun ɗazu.

Ustaz Habibu: Nafisa, tunda za a sake zama da bankin a kan tsarin asusu, lokacin ne ya dace ku tambayi masu banki mara ruwa nasu sharuɗɗan, kafin ku sa hannu a sabuwar yarjejeniya.

Nafisa: Na sa shi a lissafi Ustaz, sai dai Yaya yana ganin za mu ɓata wata uku a kai, ba mu daidaita ba tukuna. Malam Bashir, in lauyan ya dawo ya ce akwai mai Rumbu a aji na 36, ƙara wata kalma a gaba ya isa, ko sai mun sake sabon lale?

Malam Bashir: Ya danganta da yadda nasu yake a rubuce da kuma ko suna aiki da shi. Ki turo min abin da binciken ya nuna in ya fito, mu duba tare kafin ki biya kuɗin zanen tambari.